Sakin Layi Ɗaya, Muryoyi Biyar: Inda Salon Magana Yake Ɓuya a Cikin Jimla

Mutane da yawa suna ɗauka cewa sauya muryar rubutu aiki ne na musanya kalmomi, wato a cire kalma mai sauƙi a sa mai nauyi idan ana son salon hukuma, ko a ƙara "don Allah" idan ana son taushi. Wanda ya taɓa zama ya sake rubuta sanarwa guda sau biyar ya san cewa kalmomi kaɗan ne daga cikin aikin. Mafi yawansa yana cikin ginin jimla ne: wane ne aka nuna yana magana, wa ake fuskanta da maganar, wane bayani aka sa a gaba, kuma ina jimla take tsayawa. Idan na ce murya a nan, ina nufin yanayin da mai karatu yake ji marubuci yana ciki da irin matsayin da ya ɗauka a gabansa, ba karin sautin da masana harshe suke nufi da hawa da saukar gaɓa ba.

Domin a ga abin a fili, za mu ɗauki sanarwa ɗaya ta wani ɗakin karatu, wadda na ƙirƙira don misali. Abubuwa huɗu ne a cikinta, kuma dole su tsira a kowane salo. Za a rufe ɗakin daga Litinin zuwa Laraba a buɗe Alhamis da ƙarfe 8 na safe, dalilin rufewar gyaran rufi ne, wa'adin mayar da littattafan aro ƙarfe 4 na yammacin Juma'a ne, sannan wanda ya saɓa zai rasa damar aro na mako 2. Ga ta a salon tsaka-tsaki, wanda za mu riƙe a matsayin ma'auni:

> Za a rufe ɗakin karatu daga ranar Litinin zuwa ranar Laraba saboda gyaran rufin da yake yoyo. Za a sake buɗewa ranar Alhamis da ƙarfe 8 na safe. Masu littattafan aro su mayar da su kafin ƙarfe 4 na yammacin Juma'a. Wanda bai mayar ba, ba zai samu aron wani littafi ba har tsawon mako 2.

Kalmomi 56 ne a jimloli 4. Babu "mu" babu "ku" a cikinta, domin an yi amfani da wakilin sunan nan da ba ya nuna mai aiki, wato "a" na cikin "za a rufe", sai kuma "masu littattafan aro" da "wanda", waɗanda suke magana a kan mai karatu ba tare da sun dube shi ba. Babu gaisuwa, babu ban haƙuri, babu kalmar da take bayyana ra'ayi. Za mu dawo kanta daga baya, domin tsaka-tsakin nata yana da iyaka.

Yanzu ga wannan saƙo a bakin hukuma:

> Hukumar gudanarwar ɗakin karatu tana sanar da ɗaukacin masu amfani da ɗakin cewa za a dakatar da ayyuka daga ranar Litinin zuwa ranar Laraba, sakamakon aikin gyaran rufin ginin da yake yoyo, sannan a ci gaba da aiki ranar Alhamis da ƙarfe 8 na safe. Bisa haka, ana umartar duk wanda yake riƙe da littafin aro da ya mayar da shi kafin ƙarfe 4 na yammacin ranar Juma'a. Rashin bin wannan umarni zai janyo dakatar da damar aro har tsawon mako 2.

Kalmomin sun haura zuwa 82, amma jimlolin sun ragu zuwa 3, kuma ta farko kaɗai ta ci kalma 45. Ba a ƙara ko bayani ɗaya ba, to ina kalmomi 26 ɗin suka tafi? Kaso mafi girma ya tafi ne wajen gabatar da mai magana. Sanarwar tsaka-tsaki ta fara da abin da zai faru, ita kuwa wannan ta fara da wanda yake da ikon faɗa, har sai da mai karatu ya wuce kalmomi goma sha uku kafin ya isa ga labarin. Wannan jinkiri da gangan ne, domin aikinsa shi ne ya kafa cewa maganar tana da tushe, kuma za a iya kafa hujja da ita gobe idan wani ya yi gardama.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne zuciyar salon hukuma, shi ne mayar da aikatau suna. A dubi jimlar ƙarshe. A can an ce "wanda bai mayar ba, ba zai samu aro ba", inda ake ganin mutum yana yin abu, wani abu kuma yana samunsa. A nan an ce "rashin bin wannan umarni zai janyo dakatar da damar aro". Mutumin ya ɓace gaba ɗaya, har wanda zai yi hukuncin ma ya ɓace, sai ya zama "rashin bi" ne yake janyo "dakatarwa", kamar yadda damina take janyo tsiro. Amfanin wannan gini shi ne yana cire hukuncin daga hannun ma'aikacin da yake zaune a bakin tebur, ta yadda ba za a ce shi ne ya ga dama ya hana ba. Illarsa kuma ita ce yana da wuyar ganewa ga mai karatun da yake sauri, kuma idan aka jera irinsa uku ko huɗu a sakin layi ɗaya, sai mutum ya gama karantawa bai san abin da ake so ya yi ba. Alamar cewa an wuce gona da iri ita ce a nemi wanda zai aikata abu a cikin jimla a rasa. Shi ya sa na bar jimla ta biyu da mutum a cikinta, "duk wanda yake riƙe da littafin aro", tun da ita ce take ɗauke da abin da ake buƙatar a yi.

Sai a ƙarshe ne musanyar kalmomi ta shigo: "saboda" ta koma "sakamakon", "rufe" ta koma "dakatar da ayyuka", aka kuma zaɓi "ɗaukacin" a inda "duk" za ta wadatar. A nan ma akwai tarko, domin "dakatar da ayyuka" ba daidai take da "rufe" ba. Mai karatu yana iya fahimtar cewa aro ne aka tsayar amma ƙofa a buɗe take, ya zo ya zauna ya yi karatunsa. Idan wannan ruɗani mai yiwuwa ne, gara a bar "rufe" yadda take, don kalma mai sauƙi ba ta rage wa sanarwa kwarjini.

Salon kusanci ya juya wa duk wannan baya:

> 'Yan uwa masu karatu, barkanmu da warhaka. Kun dai ga yadda rufin ɗakin karatunmu yake yoyo, to lokacin gyara ya yi. Za mu rufe daga Litinin zuwa Laraba, ku yi mana haƙuri, ranar Alhamis da ƙarfe 8 na safe kuwa muna nan muna jiranku. Don Allah, in akwai littafinmu a hannunku, ku daure ku kawo mana shi kafin ƙarfe 4 na yammacin Juma'a, domin ƙa'idar ita ce wanda bai mayar ba sai ya yi mako 2 bai samu aro ba, mu kuwa ba za mu so hakan ta faru da kowa ba. Mun gode.

Babban sauyin shi ne "za a" ta zama "za mu", masu littattafai kuma sun zama "ku". Da zarar an yi haka, sai a sami ɓangarori biyu da suke fuskantar juna, kuma ban haƙuri da godiya su sami wurin zama, tun da "za a" ba ta iya neman afuwa. A lura kuma da ɗan ƙaramin "-mu" da ke cikin "ɗakin karatunmu", wanda ya haɗa mai magana da mai sauraro a mallaka ɗaya. An kuma sauya tsarin bayani, aka fara da dalili kafin labarin rufewa, kuma aka gabatar da dalilin a matsayin abin da mai karatu ya riga ya gani da idonsa. Kalmar "dai" a cikin "kun dai ga" ita ce take yin wannan aiki, tana cewa ba sabon abu nake gaya muku ba. Waɗannan ƙananan kalmomi, irin su dai, fa, kam, ma da kuwa, kusan ba sa fitowa a salon hukuma, amma su ne gishirin magana tsakanin mutanen da suka san juna. Haka kuma "mayar" ta zama "kawo mana", wato aikin ya sami alkibla, yana nufo mutanen da suke jira.

Wurin da marubuta suka fi faɗuwa a wannan salo shi ne hukunci. Mai son ya kyautata yakan ji nauyin ambaton mako 2, sai ya rubuta wani abu kamar "don kada a sami matsala", ya wuce. Wannan ba kyautatawa ba ce, domin wanda bai san hukuncin ba shi ne zai faɗa cikinsa, kuma zai ji an yaudare shi da fara'a. Abin da aka yi a misalin shi ne an faɗi hukuncin ƙarara, an jingina shi ga ƙa'ida, sannan aka biyo da yadda masu maganar suke ji game da shi.

Gatse shi ne mafi wuya a cikin biyar ɗin, kuma shi kaɗai ne yake taɓa ma'anar jimla kai tsaye:

> Albishirinku! Rufin ɗakin karatu, wanda yake shayar da littattafanmu ruwa kyauta, zai sha gyara daga Litinin zuwa Laraba, saboda haka kun huta da wahalar karatu har zuwa ƙarfe 8 na safiyar Alhamis. Masu littattafan aro kuwa, kada ku wahalar da kanku wajen mayar da su kafin ƙarfe 4 na yammacin Juma'a. Ai mako 2 ba tare da aro ba ba komai ba ne.

Gatse faɗin akasin abin da ake nufi ne, tare da dogaro da cewa mai sauraro zai juya maganar da kansa. Ya bambanta da habaici, wanda yake faɗin abin da ake nufi amma ya ɓoye wanda ake nufi, ya kuma bambanta da zambo, wanda yake kama mutum a fili ya muzanta shi. A baki, sautin murya da kallo suna sanar da mai sauraro cewa a juye maganar take. A rubuce babu ko ɗaya daga cikinsu, saboda haka dole marubuci ya dasa alamu a cikin kalmomin kansu. A misalin nan alamun uku ne. Na farko rashin dacewa tsakanin buɗewa da labari, domin ba a yi wa mutum albishir da rufe wurin da yake so. Na biyu yabon abin da ba ya yabuwa, wato kiran yoyo shayarwa kyauta, alhali kowa ya san ruwa maƙiyin takarda ne. Na uku kalmar "ai" a farkon jimlar ƙarshe, wadda take gabatar da magana kamar gaskiyar da kowa ya yarda da ita, a daidai wurin da babu wanda ya yarda.

Tsarin waɗannan alamu yana da muhimmanci. An sa mafi bayyana a farko domin mai karatu ya gane dokar wasan kafin ya isa jimla ta uku, wadda ita ce mai haɗari. Idan aka ɗauke ta ita kaɗai, "kada ku wahalar da kanku wajen mayar da su" umarni ne sarai na kada a mayar da littafi. Wanda ya karanta a gurguje, ko wanda Hausa ba harshensa na farko ba ne, ko wanda aka tura wa wannan jimlar kaɗai a waya, zai bi ta yadda take, kuma ba za a ce ya yi laifi ba. Akwai wata asarar ma da ba kowa zai lura ba: kalmar "rufe" ba ta fito ko sau ɗaya ba, sai dai mai karatu ya ciro ta daga "kun huta". Hukuncin ma ba a ɗaure shi da wa'adin a fili ba, an dai ajiye su kusa da juna. Wato daga cikin bayanai huɗu, ɗaya an juya shi, biyu an bar su ga hasashe.

Akwai kuma tambayar da dole mai gatse ya amsa kafin ya fara, wato wa yake nufi da shi. A wannan misali jimla ta biyu tana sukar waɗanda suka bar rufin yana yoyo, ta uku da ta huɗu kuwa suna sukar masu jinkirin mayar da littafi. Idan ma'aikacin ɗakin ne ya rubuta, ya soki shugabanninsa da masu zuwa wurinsa a numfashi ɗaya. Saboda haka hukuncina shi ne wannan salo bai dace da sanarwa ba ko kaɗan. Gurbinsa shi ne sharhi ko saƙo tsakanin abokai waɗanda suka riga suka san labarin, inda manufar ita ce bayyana takaici, kuma babu wanda zai yi asara idan ya fahimci maganar a baibai.

Gaggawa ta fi sauƙin bayani:

> A kula! Ƙarfe 4 na yammacin Juma'ar nan ne wa'adi. Duk mai littafin aro ya mayar da shi kafin lokacin. In ka wuce, ba ka da aro har mako 2. Daga Litinin zuwa Laraba a rufe ɗakin yake saboda gyaran rufi, sai Alhamis ƙarfe 8 na safe. Kada ka bari sai Juma'a, kawo shi yau.

Kalmomi 55 ne, kusan daidai da na tsaka-tsaki, amma a jimloli 6, wanda ya nuna cewa gaggawa a yawan tsayawa take, ba a gajartar saƙo ba. An kifar da tsarin bayani, wa'adi ya zo farko, hukunci ya biyo shi, dalili ya koma baya har ya rasa kalmar "yoyo", domin mai gaggawa ba ya buƙatarta. An fito da lokacin zuwa gaban jimla aka ƙarfafa shi da "ne", aka kuma matso da ranar kusa da "nan". Umarnin ma ya bi matakai, daga "a kula" da ba ta nuna kowa ba, zuwa "ya mayar", zuwa "ka", har zuwa "kawo shi" da babu wakilin suna a gabanta. Kura-kurai biyu ne ake yi a nan. Ɗaya shi ne "ka" tana magana da namiji guda, don haka idan masu karatu maza da mata ne, "ku" ta fi dacewa ko da za ta rage kaifi kaɗan. Ɗayan kuma shi ne ƙirƙirar matsin da babu shi. "Kawo shi yau" shawara ce da ba ta cikin asalin saƙon, kuma an yarda da ita ne kawai saboda wa'adin gaskiya yana nan a sama. Da an cire Juma'a an bar "yau" kaɗai, da an sauya bayani da sunan sauya murya.

Wannan ya dawo da mu ga sakin layin farko. Bayan an ga sauran huɗun, sai a gane cewa shi ma zaɓi aka yi wajen gina shi. Ya sa rufewa a gaba da wa'adi, alhali wa'adin ne kaɗai abin da yake buƙatar mai karatu ya motsa. Ya ce "rufin da yake yoyo" ba tare da ya faɗi tun yaushe ba, wanda hakan ya sauƙaƙa wa masu kula da ginin. Ya kuma yi amfani da "za a", wadda take ɓoye wanda ya yanke shawarar. Mai karatun da ya saba da gaisuwa a farkon saƙo yana iya jin wannan salo da sanyi ko ma da fushi, musamman idan daga wanda ya sani ya fito, domin rashin gaisuwa tsakanin sanannu shi ma magana ne.

Hanyar da nake bi wajen duba irin wannan aiki ita ce in rubuta bayanan asali a gefe, sannan in bi kowane salo da alƙalami ina neman kowannensu, ina tambaya ko yana nan, ko an faɗe shi a fili, ko kuma an ƙara wani abin da babu shi. Da na bi waɗannan biyar haka, na tarar salon hukuma ya raunana "rufe", gatse ya juya umarni ya kuma bar rufewa da hukunci ga hasashe, gaggawa ta yar da "yoyo" ta ƙaro "yau", kusanci kuma ya ƙaro ban haƙuri da godiya, waɗanda ba su taɓa bayani ba. Akwai kuma giɓi ɗaya da wannan dubawa ta tono wanda yake cikin huɗu daga cikinsu: ba su faɗi wace Juma'a ake nufi ba, ta kafin rufewa ko ta bayan buɗewa. Salon gaggawa ne kaɗai ya kusa warware shi da ya ce "Juma'ar nan", ita ma kuma tana dogara ne da ranar da mutum ya karanta sanarwar. Gyaran shi ne a rubuta kwanan wata a gefen sunan ranar, a cikin duka biyar ɗin.